Babi na Bakwai: Fuskar Masallaci a Hoton Kwamfuta

Hoton masallacin da ba a gina ba tukuna yana shan kallon da hoton gida ko na shago ba ya sha. Ana kai shi gaban kwamiti, a buga shi a babban kyalle a rataye a bakin filin, a yi ta tura shi daga waya zuwa waya ana neman gudummawa. Masu kallonsa kuwa mutane ne da suka tashi suna ganin masallatai tun suna yara, idonsu ya saba da yadda kubba ke zama daram a kan ƙofar tsakiya. Dattijon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai dubi hoton ya ce, "Yaro, kubbar nan kamar ta ɗan karkata." Kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Za mu yi aikin wannan babi da Blender, domin kyauta ce kuma ita ce a hannun yawancin masu koyo, amma lissafin ɗaya ne a kowace manhaja. Ginin da za mu riƙe daga farko har ƙarshe masallacin Juma'a ne matsakaici: faɗin fuskarsa mita 24, tsawon bangon mita 9, da bakuna biyar a jere, da ɗamarar zayyana ta taurari a samansu, da kubba mai faɗin mita 10 wadda cibiyarta ke mita 10 a bayan bangon gaba. Hasumiya mun ajiye ta gefe, tana da nata babin.

Layi guda da komai ke bi

Kafin a ɗora komai, a yanke shawara cewa layin tsakiyar masallacin shi ne inda `X` yake sifili, kuma ba za a sake taɓa wannan shawara ba. A ajiye `Empty` a cibiyar fili, a kulle shi kada ya motsa. Daga nan rabin fuskar kawai za a gina, a bar `Mirror` ya haifar da ɗaya rabin.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne, `Mirror` ba ya duban tsakiyar ginin. Cibiyar abin da aka ɗora shi a kai yake duba, wato ɗigon nan da ake kira `Origin`. Bango yana da tasa cibiyar, ginshiƙi yana da tasa, taga tana da tata, kuma idan ɗaya ta goce da santimita 3, to nata madubin ya goce ke nan, hagu da dama sun bambanta da santimita 6. Maganin shi ne a shiga kowane `Mirror` a nuna masa wancan `Empty` a gurbin `Mirror Object`. Da haka duk sassan ginin suna kallon madubi ɗaya. A kunna `Clipping` domin ɗigogin da ke kan layin tsakiya su manne a wurin, kada su tsallaka ko su bar tsaga. Idan aka ga wani siririn layi baƙi ya ratsa ƙofar tsakiya daga sama har ƙasa a hoton da aka fitar, wannan tsagar ce, ko kuma wata fuska ce ta ɓuya a cikin bangon daidai kan layin.

Akwai masu gajen haƙuri da kan kwafi ginshiƙin dama su juya shi da `Scale` na -1 su kai shi hagu. A allo zai yi kyau. Amma ranar da aka tabbatar da wannan awo da `Ctrl+A`, fuskokinsa na iya komawa ciki-waje, sai haske ya riƙa zama a kansa daban da ɗan'uwansa. A kunna `Face Orientation` a duba: duk abin da ya yi ja a juye yake, `Shift+N` ke gyara shi.

Bakunan su biyar ne ba huɗu ba, domin ƙofa ce ake so a kan layin tsakiya, ba ginshiƙi ba. Kowane baka faɗinsa mita 3, kaurin ginshiƙi mita 1.2, saboda haka daga tsakiyar wannan baka zuwa tsakiyar na kusa da shi mita 4.2 ne. Biyar ɗin sun ci mita 21, saura mita 1.5 a kowane gefe. A riƙe wannan 4.2 da kyau, za mu dawo kansa. Wajen jera su da `Array`, a kashe `Relative Offset` a yi aiki da `Constant Offset` a rubuta 4.2 da hannu. Na farkon yana auna tazara ne da girman abin da ake jerawa, don haka ranar da aka ƙara wa ginshiƙi ɗan leɓen ado, duk jerin sai ya buɗe ba tare da an sani ba.

Shi kansa bakan mai tsini ba a zana shi da ido. Irin wanda ake gani a masallacin Ibn Tulun na Alkahira, wanda aka kammala a shekarar 879, gaɓoɓin da'ira biyu ne suka haɗu a sama, kowace da tata cibiyar. A namu, za a buɗe kamfas mita 2. Cibiyar gaɓar hagu tana rabin mita a dama da tsakiyar bakan, ta gaɓar dama tana rabin mita a hagu, dukansu a kan layin da bakan ya fara lanƙwasa. Inda suka haɗu zai kai kusan mita 1.94 a sama da wannan layin. Idan naka bai kai haka ba ko ya wuce, cibiya ta goce. Kuma kada a ɗora masa `Subdivision Surface` don neman santsi: zai lashe tsinin ya mayar da shi kan ƙwai. A ba kowace gaɓa isassun ɗigogi tun wajen zana ta, a bar ƙololuwar da kaifinta.

Inda aka tsaya

Ana iya gina komai daidai har milimita, kyamara ta zo ta ɓata shi. Wannan ne abin da dattijon nan ya hango, kuma a nan gizo ke saƙar, domin mai zanen zai koma ya auna kubbarsa ya tarar tana kan sifili, ya rantse babu abin da ya karkata.

Dalilin shi ne kubbar ba a kan bangon gaba take ba, tana can baya. Abu na kusa da abu na nesa ba sa gocewa da awo ɗaya idan mai kallo ya matsa gefe. Mu lissafa. Da ruwan tabarau na milimita 50, wanda Blender ke farawa da shi, idan ana son hoton ya ɗauki faɗin mita 30 a kan bangon gaba, wato ginin da ɗan fili a kowane gefe, sai kyamara ta tsaya kimanin mita 41.7 daga bangon. Kubbar kuwa tana mita 51.7 daga gare ta. Yanzu a ce hannu ya goce, kyamarar ta matsa dama da rabin mita kacal. Tsinin kubba zai rabu da tsinin bakan tsakiya da kusan santimita 10 a ma'aunin bangon. A hoto mai faɗin fiksel 3840 wannan ya haura fiksel 12, kuma yana faruwa ne a wurin da ido ke fara sauka.

Saboda haka ba a saita kyamarar fuskar masallaci da jan linzami. Rubuta lambobin ake yi:

```
Location   X 0    Y -41.7   Z 1.6
Rotation   X 90°  Y 0°      Z 0°
Shift      X 0    Y 0.2
```

Tsayin mita 1.6 shi ne idon mutum a tsaye. Matsalar ita ce daga wannan tsayi, idan kyamara ta kalli gaba sak, kusan rabin hoton ƙasa ce, kubbar kuma an yanke mata kai. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya ɗaga hancin kyamarar sama. Da zarar an yi haka, layukan tsaye sun daina tsayuwa: ginshiƙan gefe su jingina ciki, ginin ya yi kamar zai faɗi da baya, taurarin sama su matse fiye da na ƙasa. Abin da masu ɗaukar hoton gine-gine ke yi shi ne su bar kyamara a miƙe su zame ruwan tabarau sama, kuma `Shift Y` aikinsa ke nan. Ana auna shi da ɓangaren hoton da ya fi tsawo. Namu mita 30 ne, don haka 0.2 ya ɗaga abin da ake gani da mita 6: ƙasa ta ragu zuwa ƙasa da mita ɗaya a gaban bango, sama ta buɗe har mita 16, kuma babu layin da ya jingina.

Akwai kyamarar `Orthographic` wadda ba ta san kusa da nesa ba, wadda kuma ke kawar da duk wannan damuwa. Tana da amfani wajen zanen da za a ba magini. Amma ban yarda a kai wa kwamiti ita a matsayin kamannin masallaci ba, domin tana nuna gindin kubba gaba ɗaya, alhali mutumin da ke tsaye a farfajiya ba zai gan shi ba. A misalinmu, rawanin bangon yana tare duk abin da bai kai kusan mita 10 ba a gaban kubbar. Gara a ga wannan tun a hoto, a ƙara wa wuyan kubbar tsawo, da a gan shi bayan an zuba kankare.

Girman fiksel ɗaya

Duk maganar kaifin hoto tana komawa ga lamba ɗaya da ya kamata mai zane ya rubuta ya manna a gefen allonsa: fiksel ɗaya nawa yake ci a jikin ginin? Mita 30 a raba da 3840, ya ba da kusan milimita 8 a kan bangon gaba. A can wurin kubba, da yake ta fi nisa, kusan santimita ɗaya ne. Idan aka fitar da hoton a 1920, lambobin sun ninka. Duk aibin da ya fi fiksel girma za a gan shi, duk adon da bai kai fiksel ba kuwa an yi wahalar banza.

Mu fara da kubba. Hanya mafi tsafta ita ce a zana rabin jikinta daga gindi zuwa tsini a matsayin layi ɗaya, a sa `Screw` ya juya shi digiri 360 a kan `Z`. Kwamfuta ba ta san da'ira ba, gajerun miƙaƙƙun layuka take jerawa, kuma tsakiyar kowanne yana shigewa ciki ya bar da'irar gaskiya. Ga yadda ake sanin yawan shigewar, inda `r` rabin faɗin kubba ne, `n` kuma adadin gaɓoɓin da ke cikin cikakkiyar da'ira:

```
s = r × (1 − cos(180° / n))
```

A kubbarmu mai `r` na mita 5, gaɓoɓi 16 suna shigewa da santimita 9.6, wato fiksel goma. Kowa zai ga kusurwoyin. Gaɓoɓi 32 sun rage shi zuwa santimita 2.4, wanda har yanzu ana iya hango shi idan farar kubba ta tsaya a gaban shuɗin sama. Da 64 ya koma milimita 6, ya faɗa ƙasa da fiksel, ya ɓace. Wuce nan sai idan za a matso da kyamara.

Wurare biyu ake amfani da wannan lissafi. Na farko shi ne layin da aka zana da hannu, domin shi ne gefen kubbar da ake gani daga gaba: rubu'in da'ira ne, don haka gaɓoɓi 16 a jikinsa daidai suke da 64 a cikakkiya. Na biyu shi ne adadin matakan `Screw`, wanda ke nunawa a zoben gindi da leɓen wuya. A nan akwai tarko. Gurabe biyu ne, ɗaya na abin da ake gani a allo, ɗaya na `Render`, kuma kowanne da 16 yake farawa. Mutum ya ɗaga na farko zuwa 64, ya ga kubba sumul, ya bar kwamfuta tana aiki ya je ya dawo, ya tarar da zobe mai kusurwa goma sha shida. `Shade Smooth` ba zai cece shi ba, domin yaudarar haske kawai yake yi a tsakiyar jiki, ba ya taɓa gefen abu.

Adadin kuma ya zama wanda huɗu ke rabawa, kuma wanda adadin tagogin wuya ko haƙarƙarin kubbar ke rabawa. Idan aka sa 25, ɗigo zai faɗa daidai ƙarshen dama, hagu kuwa ta sami tsakiyar gaɓa, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya fitowa. Da 64, tagogi 8 ko haƙarƙari 16 kowanne ya sami rabonsa cif. Sai a juya wuyan har taga ɗaya, ko tsakiyar tazarar tagogi biyu, ta zauna a kan layin tsakiya. Ɗigon ƙarshe na tsini kuma a rubuta masa sifili a `X`, a kunna `Merge`, in ba haka ba za a sami ɗan rami ko murɗewar inuwa a ƙarƙashin jinjirin wata.

Gefunan bakuna da ginshiƙai suna son ɗan `Bevel`, domin kusurwar da ba a dakushe ba ba ta kama haske, sai bango da cikin baka su narke wuri ɗaya. A wannan nisa, santimita 1.5 zuwa 2 ne ke ba da siririn layin hasken da ke fito da siffar bakan. Milimita 3 ba zai bayyana ba.

Taurari

Zayyanar da muka zaɓa tauraro ne mai tsini takwas, murabba'i biyu ɗaya a kan ɗaya an juya na sama digiri 45, irin wanda ya cika aikin tayil na Fas da Marrakesh. Gidan kowane tauraro murabba'i ne, kuma girman gidan ba abin zaɓa da son rai ba ne. A tuna da mita 4.2 na bakuna. Idan gidan santimita 60 ne, kowane baka ya sami taurari 7 cif, ɗamarar gaba ɗaya ta sami 35. Duka lambobin mara ne, don haka tauraro na zama a kan tsinin kowane baka, na tsakiya kuma yana kan layin tsakiyar masallaci. A gwada santimita 50 a gani: takwas da ɗan ɗori ne ke shiga kowane baka. Bakan tsakiya zai sami tauraronsa, amma na kusa da shi ya goce, na gefe ya ƙara gocewa. Hagu da dama sun yi daidai da juna, amma duk da haka ido ba zai kwanta ba. Mai ɗinkin hula ya san wannan: zanen da bai raba zagayen kai daidai ba, a wurin haɗi yake tona asirin mai shi.

Da a ce tauraro mai tsini shida muka ɗauka, gidan da yake maimaituwa ba murabba'i ba ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 1.732. Wanda ya cusa shi a murabba'i zai sami taurari masu ƙiba ta gefe ɗaya. Haka ma idan an ja bango da `Scale` ba a tabbatar da awon ba kafin a shimfiɗa `UV`. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora hoton `UV Grid` a bangon, idan gidajensa ba su fito murabba'i ba, taurari ma ba za su fito daidai ba.

Yawancin masu koyo hoton zayyana suke saukowa da shi su manna a bango. Hoto mai fiksel 2048 da aka shimfiɗa a mita 21 yana ba kowane ɗigonsa fiye da santimita ɗaya, ya fi fiksel ɗin hotonmu girma, don haka dusu-dusu zai fito ko an kwana ana fitarwa. Idan dole sai hoto, to na gida ɗaya a samu, a maimaita shi sau 35. Amma ga fuskar masallaci na fi son a gina zayyanar da jikinta: a zana gida ɗaya a Inkscape da lambobi, a shigo da shi a `SVG`, a ba shi kauri, a jera shi da `Array`. Layinsa ba ya dusashewa komai kusancin kyamara, kuma yana jefa inuwa ta gaske. A tabbata dai ya fito daga bango da santimita ɗaya ko biyu. Fuskoki biyu da suka kwanta a wuri ɗaya daidai suna haifar da baƙaƙen tabo.

Saura kaurin layin. Igiyar zayyana mai santimita 2 tana samun fiksel biyu da rabi a hoton 3840, kuma za ta fito. A 1920 ɗaya da ɗan kaɗan take samu, sai layukan kwance da na tsaye su rayu, na karkace su riƙa yankewa, tauraron ya koma gicciye. Idan ragar taga ce mai ƙananan ramuka da maimaituwarta ba ta kai fiksel biyu ba, wasu manyan raƙuman layuka za su bayyana a kanta waɗanda babu su a ginin. Ƙarin `Samples` ba ya maganin wannan. Ko a ƙara girman hoton, ko a fitar da shi ninki biyu a rage shi daga baya, ko a yarda cewa adon nan na hoto na biyu ne da za a ɗauka daga kusa. A kashe `Depth of Field`. Gurbin `Pixel Filter` a Cycles yana farawa da 1.5, ana iya sauko da shi zuwa 1.2 a sami ɗan ƙarin kaifi, amma a ƙasa da 1 gefen bakuna zai fara yin haƙora.

Mai share ƙurar hoto, wato `Denoise`, shi ne ɓarawon zayyana na ƙarshe. Aikinsa ya goge ɗige-ɗige, kuma siririn layi a cikin inuwa yana kama masa da ɗige-ɗige. A bar shi a kan `Albedo and Normal`, domin da waɗannan yake gane inda launi ko fuskar abu ta canja da gaske. Alamar ya yi ɓarna ita ce taurarin da ke rana su fito tsaf, na ƙarƙashin baka su zama kamar an shafa musu yatsa, kuma kowanne ya lalace ta hanyarsa daban. A nan ne ƙarin `Samples` ke da amfani, ko a ƙara ɗan haske a cikin barandar.

Abin da madubi bai kamata ya taɓa ba

Na farko rubutu ne. Idan akwai aya ko sunan Allah a jikin bango, kuma an haɗa shi da abin da ke ƙarƙashin `Mirror`, zai fito a juye a ɗaya ɓangaren, ko kuma rabinsa ya maimaitu a kan ƙofar tsakiya. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a hoton da za a rataye a bainar jama'a, kuma wanda bai iya karatun Larabci sosai ba zai iya wucewa bai lura ba. Rubutu abu ne mai zaman kansa, a ajiye shi daban, a daidaita tsakiyar allonsa da lamba, a kuma sa mai ilimi ya karanta shi a hoton ƙarshe kafin ya fita.

Na biyu ya fi ɓuya. A zayyanar da igiyoyinta ke saƙe da juna, kowace igiya tana hawa kan wata, ta shiga ƙarƙashin ta gaba, ta sake hawa, ba ta taɓa yin hawa biyu a jere. Madubi yana karya wannan doka a kan layin tsakiya: igiyar da ta hau kafin layin za ta sake hawa bayansa, waɗanda suka gamu a kan layin kuma su shige cikin juna. Allon da yake gefe ɗaya gaba ɗaya babu laifi a juya shi zuwa ɗaya gefen. Amma wanda ya ratsa tsakiya, kamar ɗamararmu, cikakke ake jera shi ba tare da madubi ba. Haka dagi yake idan an kawo shi cikin adon.

Na uku haske ne. Wanda ya damu da daidaito yakan kai ga sa rana a bayan kyamara sak domin inuwar hagu da ta dama su zama ɗaya. Sakamakon bango ne fari fat, ba zurfin baka, ba tudun tauraro, kubba kamar faifai. Ginin ne ake so ya daidaita, rana kuwa daga gefe ake so ta zo, kamar digiri 30 zuwa 45 daga inda fuskar ke kallo, ta yadda kowace igiya za ta sami gefen haske da gefen inuwa. A ƙasar Hausa alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, saboda haka fuskar da ke kishiyar mihrabi yamma take kallo da ɗan karkata kudu, hasken bayan azahar ne nata. Wanda ya haska ta da ranar safiya ya nuna abin da ba za a taɓa gani ba. Girman ranar ma a bar shi kusa da 0.526° da `Angle` ke farawa da shi, domin ɗaga shi yana narkar da inuwar ƙananan ado.

Duk wannan magana ta ginin siminti da tayil ce. Wanda zai fitar da hoton masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19, bai kamata ya kusanci `Mirror` ba. Bakunansa hannu ne ya ɗaura su, ba biyun da suka zama ɗaya, kuma daidaita su da lamba ƙarya ce za a yi wa ginin.

Gwaji kafin a tura

Tunda rana daga gefe take, hoton ƙarshe ba zai nuna ko ginin ya daidaita ba. Gwajin daban ake yi. A kashe rana, a bar sararin sama fari bai ɗaya, a sa wa komai toka ɗaya ta `Material Override`, a ɓoye rubutu da bishiyoyi da mutane, a fitar da hoto. A buɗe shi a GIMP, a kwafi shimfiɗarsa, a juya kwafin hagu zuwa dama, a sa shi a `Difference`. Inda ɓangarorin suka yi daidai baƙi zai fito.

Abin da ya yi haske kuwa yana faɗin ciwonsa da kansa. Idan gefen kubba ya fito layi biyu alhali bakuna baƙi ne, kubbar ce ba ta kan sifili. Idan komai ya fito biyu, amma na kusa ya fi na nesa buɗewa, kyamara ce ta matsa gefe. Idan tazarar tana ƙaruwa daga tsayin idon kyamara zuwa sama da ƙasa, kyamarar ta kwanta gefe ɗaya. Idan baka ɗaya da takwaransa na ɗaya gefen ne kawai suka haska, su ne ba su sami `Mirror Object` ba. Ɗamarar da ke saƙe za ta nuna ƙananan ɗigogi a kowace mahaɗar igiya, wannan kuwa haka ya kamata.

Hoton ƙarshe a ajiye shi a `PNG`. Idan ta WhatsApp za a tura wa shugaban kwamiti ko mai buga kyalle, a tura shi a matsayin `Document`, domin idan aka tura shi a matsayin hoto manhajar tana rage girmansa ta matse shi, kuma igiyar nan mai fiksel biyu da rabi ita ce farkon abin da ke tafiya. Shi mai bugawa kuma a ba shi awon kyallen da ya dace da na hoton, faɗi 16 tsawo 9, a gaya masa ƙarara kada ya ja shi don ya cike gurbi. Idan kyallen da ke hannunsa wani awo ne daban, a koma a sake fitar da hoton a kan wannan awon, a sake lissafin `Shift Y` da girman fiksel.